Gwajin ciyar da ɗalibai ta hanyar ƙuri'a: tambayoyi da amsoshi kan ɓoye rabo, rufe ido da zubewar yara

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sakatarorin ilimi, hedimastoci, ma'aikatan lafiya da ɗalibai masu aikin bincike suka fi yi idan ana shirin gwada ko abincin makaranta yana ƙara wa yara zuwa aji, girma da karatu. Don kada magana ta watse, misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe: makarantun firamare 60 a ƙananan hukumomi uku na Jihar Kebbi, wato Argungu, Augie da Bunza, 20 a kowace. Makarantu 30 za su samu abinci na shekarar karatu guda, 30 su jira. A kowace makaranta za a bi yara 40 'yan aji ɗaya zuwa uku, jimilla 2,400. Lambobin misalin na koyarwa ne, ba sakamakon wani bincike da aka yi ba.

Me ya sa sai an yi ƙuri'a? Ba za a kwatanta makarantun da ake ciyarwa da waɗanda ba a ciyarwa ba kawai?

Matsalar ita ce yadda makaranta take samun shiga shirin tun farko. Shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2016, wanda ya fara da naira 70 kan kowane yaro, ya nufi 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantun gwamnati. Amma kowa ya san makarantar da ke bakin kwalta, mai hedimasta mai kai-komo a ofishin ilimi, ba ɗaya take da wadda sai an shiga kwalekwale kafin a isa gare ta da damina ba. Idan ta bakin kwalta ta fi ƙoƙari a ƙarshen shekara, ba wanda zai iya raba ƙoƙarin abinci da na hanya, da na malamai, da na wadatar iyaye. Ƙuri'a ba ta san kwalta ba, ba ta san ɗan wane ba. Idan ita ta raba makarantun, rukunan biyu za su yi kama da juna a abin da muka auna da ma abin da bai zo mana a rai ba, sai ɗan bambancin da sa'a ke kawowa, wanda shi kuma lissafi ya san girmansa.

Yara za a raba ko makarantu?

Makarantu. An taɓa raba yara a cikin aji ɗaya: a wani gwaji da aka buga a 1998 kan yara 814 a karkarar Jamaika, wasu sun samu karin kumallo, sauran aka ba su kwatan lemo. A Augie wannan ba zai ɗore ko mako guda ba. Yaya ba za ta ci shinkafa da wake ƙanenta na zaune yana kallo ba, malami ma ba zai yarda ba, kuma da zarar an fara raba kwano rukunan sun cakuɗe. Shi ya sa babban gwajin da aka yi a Gana ya raba makarantu 116 ne.

Sai dai raba makarantu yana da tsada a wajen lissafi. Yaran makaranta ɗaya suna kama da juna: malami ɗaya, rijiya ɗaya, sauro ɗaya. Don haka yaro na arba'in a makaranta bai ƙara mana sani kamar yaro na farko a wata sabuwar makaranta ba. Ana auna wannan asara da `DE = 1 + (m − 1) × ICC`, inda m yake yawan yara a kowace makaranta, ICC kuma gwargwadon kamar da ke tsakaninsu. Idan ICC ya kai 0.10, DE zai zama 4.9, ke nan yaranmu 2,400, idan aka raba su da 4.9, ƙarfinsu na yara kusan 490 ne. A ninka yaran kowace makaranta zuwa 80, ƙarfin ya tsaya a wajen 540. A ninka makarantun zuwa 120, ya kai 980. Wanda ke da ɗan kuɗin ƙari, makarantu ya kamata ya ƙara.

Mece ce ɓoye rabo? Ashe ba ƙuri'ar ce kanta ba?

Abu biyu ne daban, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ƙuri'a ita ce hanyar da ake samar da jerin wa zai ci, wa zai jira. Ɓoye rabo kuwa shi ne tabbatar da cewa duk mai hannu a shigar da makaranta ko yaro cikin binciken bai san inda za su faɗa ba, kuma ba zai iya hasashe ba, har sai an gama shigarwar an rufe littafi. Ana iya yin ƙuri'a mai kyau da kwamfuta, sannan a ɓata ta da barin takardar a kan teburin ofis.

A duba yadda abin ke faruwa, ba tare da wani ya yi niyyar ha'inci ba. Jami'in da ke zagayen tantance makarantu ya san cewa lamba ta 14 a jeri ta abinci ce. A gabansa akwai makarantu biyu da suka cancanta, ɗaya rufinta ya yaye, yaranta a yamutse, ɗaya kuma a tsare take. Tausayi zai sa ya tura ta farkon a lamba 14. Wani jami'in, mai son shirin ya yi nasara, ta biyun zai tura. Ko wanne aka yi, hannun mutum ya shiga rabon. A 1995 an buga wani nazari kan gwaje-gwajen asibiti 250, aka ga waɗanda ba su ɓoye rabo da kyau ba sun kumbura amfanin magani da kusan kashi 41 cikin ɗari idan aka gwada su da waɗanda suka ɓoye. Dabarar kanta tsohuwa ce: gwajin maganin tarin fuka da aka buga a Ingila a 1948 ya ajiye rabon a rufaffun ambulan a ofishi guda, likitocin da ke karɓar marasa lafiya ba su ganin jerin.

Abin lura: ɓoye rabo kullum mai yiwuwa ne, ko da a gwajin da kowa zai ga tukunya a kan wuta daga baya. Don haka ba a karɓar uzuri a kansa.

To yaya ake yin sa a aikace, daki-daki?

Sirrin duka yana cikin jerin lokaci: komai na shigarwa ya riga ƙuri'a.

Da farko a rubuta sharuɗɗan cancanta, misali makaranta mai yara aƙalla 60 a aji ɗaya zuwa uku, mai wurin girki da ruwa, wadda babu wata makarantar binciken kusa da ita cikin kilomita biyar. A samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da ta hukumar SUBEB, a yi wa gwajin rajista a PACTR, kundin rajistar gwaje-gwajen lafiya na Afirka, tare da bayyana babban abin da za a auna. Sannan a zaga makarantu 60 ɗin, kowane hedimasta da shugaban kwamitin makaranta su sa hannu cewa sun yarda ko ƙuri'a ta ba su abinci bana ko baɗi. Makarantar da ta ce sai in za a ba ta bana, a gode mata a bar ta tun yanzu.

Bayan haka a ƙirga yaran, a zaɓi 40 daga rajista ta hanyar ƙuri'a, a nemi izinin iyaye, a yi awon farko: tsawo, nauyi, jini, jarrabawar karatu. Sai an kulle wannan jeri na yara 2,400, an aika kwafinsa ga wani masanin lissafi da ba ya cikin tawagar fili, sannan a sa ranar ƙuri'a.

A ƙasar nan ƙuri'ar bainar jama'a ta fi kwantar da hankali. A tara hedimastoci, wakilan masarauta da na ofishin ilimi. Hanya mai sauƙi: ga kowace ƙaramar hukuma a zuba ƙwallaye 20 iri ɗaya a baƙar jaka, kowanne da lambar makaranta a naɗe a ciki, a sanar tun kafin a fara cewa goman farko su ne na abinci, wani ƙaramin ɗalibi ya riƙa zarowa. Ƙwallayen su zama nauyi ɗaya da laushi ɗaya, don takarda mai kauri ko wadda aka naɗe daban hannu na gane ta. Idan kuma da kwamfuta za a yi, mutum shida daga cikin mahalarta kowa ya zaro lamba ɗaya daga sifili zuwa tara, a haɗa su su zama lambar farawa, a buga a gaban kowa:

```r
set.seed(482913)
d$rukuni <- ave(d$id, d$lga, FUN = function(x)
  sample(rep(1:2, length.out = length(x))))
```

Wannan umarnin manhajar lissafi ta R ne: `d` teburin makarantun ne, `id` lambar makaranta, `lga` ƙaramar hukumarta. Lambar da ke layin farko ita ce wadda aka zaro a zauren. Tunda ba wanda ya san ta kafin ranar, ba wanda zai iya gwada lambobi a ɗaki har sai ya samu rabon da ya yi masa daɗi. A tabbata an tsayar da jerin makarantun da ma'anar 1 da 2 a rubuce kafin taro. Sau ɗaya ake bugawa, a karanta sakamako, kowa ya sa hannu.

Za a samu mai cewa, "Ranka ya daɗe, tamu ta fi kowace buƙata, a duba mana." Amsa ɗaya ce, cikin ladabi: "Malam, ko ni ba ni da iko a kan jakar nan." Wannan ma wani amfanin ƙuri'ar fili ne, tana sauke wa jami'i nauyin masu roƙo da manyan gari.

Ambulan fa? Mun ji ana amfani da su.

Suna da amfani idan makarantu na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Dole su zama masu lamba a jere, a manne, marasa nuna ciki ko an ɗaga su a rana, a rubuta sunan makaranta a baya kafin a buɗe. A misalinmu, da ake raba duka 60 a zama ɗaya, babu buƙatarsu. Rabon bi-da-bi, ko na harafin farko na sunan makaranta, ko na lambar mara da cika, duk ba ƙuri'a ba ne, domin kowa na iya faɗin abin da zai biyo baya.

Idan an riga an raba makarantu, laifin me ne a zaɓi yaran daga baya?

Wannan ita ce ƙofar bayan da ta fi lalata gwaje-gwajen da ake raba makarantu. Da zarar labari ya bazu cewa ana dafa abinci a makarantar gari kaza, rajista za ta cika da yaran da a da ba sa zuwa: masu talla, masu kiwo, ƙananan da shekarunsu ba su kai ba. Wannan abin so ne ga shirin, amma idan daga wannan sabuwar rajista aka ɗebi yara 40, rukunin abinci zai cika da yaran da suka fi rauni a karatu, sai a ga kamar abincin ya rage ƙoƙari. Ga kuma iyaye: a makarantar abinci kowa zai ba da izinin ɗaukar jini, a ta jira sai masu sha'awar boko kaɗai. Rukunan sun bambanta ke nan tun kafin a ɗora tukunya.

Ana gane wannan a rahoto ta duba teburin farko. Idan yawan yaran da aka shigar ya sha bamban sosai tsakanin rukunan, ko ranar awon farko ta biyo bayan ranar ƙuri'a, a yi hattara da duk abin da ya biyo baya. Sababbin shiga a ƙirga su daban, a matsayin sakamako mai zaman kansa. Wanda kuma yake son auna shiga makaranta da kyau, daga gidajen gari zai ɗebi yaransa kafin ƙuri'a, har da waɗanda ba sa makaranta.

Rufe ido kuma fa, wato hana mutane sanin rukunin da yaro yake? Ai yaro ya san ko ya ci abinci.

Ya sani, mai girki ta sani, hedimasta ya sani. Babu abincin bogi da za a ba yaro ya ɗauka ya ƙoshi. Don haka duk rahoton ciyarwa da ya ce kowa idonsa a rufe yake, a tambaye shi ta yaya. Tambayar da ta dace ita ce: su wa za a iya hana su sani, kuma wane awo ne sanin zai iya karkatarwa?

Mutum uku ana iya rufe musu ido sarai. Mai gwajin jini a ɗakin bincike lamba kawai zai gani a jikin kwalba. Mai duba takardun jarrabawa a kai masa su a cakuɗe, babu sunan makaranta. Mai lissafi a ba shi rukunan da sunan A da B, kuma tsarin lissafin ya kasance a rubuce, an sa masa hannu, kafin a faɗa masa wanne ne wanne. Na huɗu, mai awo a fili, rabin rufewa ake iya yi masa: a ɗauko tawagar da ba ta da alaƙa da masu raba abinci, kada a ba ta jerin rabo, a yi awon da sassafe kafin a hura wuta. Duk da haka tokar murhu da tarin kwanoni a bayan aji za su tona asiri, yara ma za su faɗa. A ƙarshe a tambayi kowane mai awo ya canki rukunin makarantun da ya je, a rubuta sau nawa ya dace, a bayyana a rahoto.

Inda ake iya rufe wa kowa ido shi ne idan tambayar ta koma kan abin da ke cikin abincin: duka makarantu suna ci, amma a wasu ana barbaɗa garin sinadarai masu ƙara jini, a wasu garin da babu komai cikinsa, fakiti iri ɗaya. Wannan wani gwaji ne daban, ba ya amsa ko ciyarwar kanta tana da amfani.

Wane awo ne ya fi saurin karkacewa idan mai awo ya sani?

Rajistar zuwa makaranta ce ta ɗaya. Idan da yawan kawuna ake lissafa kuɗin mai girki, rajistar makarantar abinci tana da dalilin kumbura, ta makarantar jira kuma ba mai kula da ita. Kada a dogara da ita. A riƙa kai ziyarar ba-zata, sau biyu ko uku a kowane zango, a kira sunayen yara 40 ɗin a ga fuska. Ranakun ziyara a raba su daidai tsakanin rukunan, har da ranakun kasuwa da Juma'a. A makarantun abinci a ƙirga sau biyu, da safe da kuma bayan an ci, domin akwai masu zuwa don kwano su wuce gona.

Na biyu tsawo. Yaro ɗan shekara shida zuwa tara yana ƙara santimita biyar zuwa shida a shekara, abin da abinci zai ƙara a kan wannan kuwa ɗan kaɗan ne, ƙasa da santimita. Mai awo da ke cika 121.3 zuwa 121.5 a makarantar da yake ganin yaran sun yi kyau, ya kuma mayar da shi 121.0 a wata, ya ƙirƙiro sakamako da hannunsa. Ga kuma abin da mutane ba su cika sani ba: mutum ya fi tsawo da safe da kusan santimita guda, saboda ƙashin baya yana ɗan matsewa da yini. Idan an auna makarantun abinci da ƙarfe takwas, na jira da azahar, bambancin da za a gani na agogo ne. Sai a tsayar da lokaci ɗaya, a cire takalmi da hula, mace ta auna 'yan mata a keɓe don a sauke ɗankwali a kula da tudun kitso. A auna sau biyu, idan tazarar ta wuce rabin santimita a yi na uku. Kowane mako a duba lambar ƙarshe ta awon kowane ma'aikaci: sifili da biyar a haɗe bai kamata su wuce kusan kashi 20 cikin ɗari ba. Wanda nasa suka kai rabi, cikewa yake yi, a sake horar da shi.

A jini, na'urar awon jini irin HemoCue tana rage son rai tunda lamba take nunawa, amma matse yatsa da ƙarfi yana tsarma jinin da ruwan jiki, lambar ta sauka. A goge ɗigon farko da na biyu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara 'yan shekara 5 zuwa 11 shi ne ƙasa da giram 11.5 a desilita ƙarancin jini ne. Kuma a tuna zazzaɓin cizon sauro yana saukar da jini: idan an gama rukuni ɗaya a Oktoba, ɗaya a Janairu, damina aka auna. Kowace tawaga ta riƙa zuwa rukunan biyu a cakuɗe cikin mako guda, kuma kada awon wani rukuni ya faɗa cikin azumi na ɗayan ya tsira.

Idan uwa ta rage wa yaro tuwon gida don ta san ya ci a makaranta, wannan ya ɓata gwajin?

Bai ɓata ba. Haka shirin zai kasance a rayuwa ta gaske, don haka yana cikin abin da ake aunawa. A dai tambayi abin da yaro ya ci jiya a rukunan biyu, don a iya bayyana dalili idan nauyi bai motsa ba.

Mece ce zubewar yara, kuma nawa ne ya yi yawa?

Zubewa ita ce yaron da aka shigar a farko amma ba a samu awonsa na ƙarshe ba. A Kebbi dalilan sanannu ne: girbin shinkafa a fadama, tafiya karatun allo bayan kaka, ƙaurar makiyaya da rani, ambaliya irin ta 2020 da ta raba garuruwa da gidajensu, rufe makarantu saboda tsaro, da 'yan matan da ake cirewa don talla ko aikin gida. Akwai ƙa'idar da aka saba faɗa, cewa ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ba damuwa, sama da 20 babbar matsala. Tana da amfani a matsayin ƙararrawa, amma abin da ya fi yawan muhimmanci shi ne su wa suka zube, kuma daidai suka zube a rukunan biyu ko a'a.

Gwajin ciyarwa yana da wata sarƙaƙiya tasa: abincin da kansa yana riƙe yara a makaranta. Ke nan zubewar ba za ta zo daidai ba, kuma yaran da abinci ya riƙe galibi su ne mafi rauni.

Ga lissafin. A rukunin abinci an samu 1,104 daga 1,200, an rasa 96, kashi 8. A rukunin jira an samu 960, an rasa 240, kashi 20. A ce a cikin 1,104 ɗin akwai 960 da ko babu abinci za su zauna, matsakaicin makinsu 48, da wasu 144 da abincin ne ya riƙe su, makinsu 30. A haɗe matsakaicin ya zama 45.7. Rukunin jira, da raunanansa suka riga suka tafi, ya samu 44. Mai kallon sama-sama zai ce abinci ya ƙara maki 1.7 kacal, alhali tsakanin yara masu kama da juna tazarar maki 4 ce. Nasarar shirin wajen riƙe yara ita ta ɓoye nasararsa a karatu. Haka zai iya faruwa a nauyi da jini.

Yaya ake rage ta?

Tun ranar farko ake shiri. Barin makaranta daban, ɓacewa daga bincike daban. Yarinyar da ta daina zuwa aji tana nan a gidansu, kuma barin nata sakamako ne da za a rubuta, sannan a bi ta gida a auna ta. Don haka takardar izini ta ƙunshi yardar a zo gida.

Suna kaɗai ba ya isa, domin aji ɗaya na iya samun A'isha Abubakar uku. A rubuta sunan uba da na kaka, laƙabin da ake kiran yaro da shi a gida, sunan da aka san uwa da shi a unguwa, mai unguwarsu, lambar waya biyu ta gidaje daban-daban, da hoto idan iyaye sun yarda. Hoton yana maganin wata matsala da ke yawan faruwa: ranar awo yaro ba ya nan, malami don ya taimaka sai ya turo ƙanensa ko wani mai irin sunan. Ana kama wannan a bayanai idan yaro ya rage tsawo, ko ya ƙara santimita 15 a wata tara. A sa kwamfutar hannu ta yi gargaɗi nan take, tun tawaga ba ta bar garin ba.

A sa awon ƙarshe nesa da girbi da kwanakin salla. A koma kowace makaranta aƙalla sau uku. Ƙoƙarin nema ya zama iri ɗaya a rukunan biyu, domin a makarantun abinci ma'aikatan shirin suna nan kullum, sun san kowa, na jira kuwa an manta da su tun ranar ƙuri'a. Ziyarar kowane zango tana riƙe zumunci da su.

Idan kuɗi ba zai kai a bi kowa ba, a yi ƙuri'a a cikin waɗanda suka ɓata. Daga 240 a zaro 80, daga 96 a zaro 32, a bi waɗannan har inda suke, ko Kamba ne ko Yawuri ko tsangaya a Sakkwato. Kowane da aka samu yana wakiltar mutum uku a lissafi. Idan an samu 72 daga 80, rukunin jira ya tashi daga kashi 80 zuwa kamar 98. Wannan ya fi a bi masu sauƙin samu kawai, don masu sauƙin samu sun fi kama da waɗanda ba su tafi ba.

Ƙara yawan yara tun farko, a ɗauki 47 maimakon 40 don tsammanin asarar kashi 15, yana kare ƙarfin lissafi ne kawai. Karkatar da muka nuna a sama tana nan yadda take.

Waɗanda ba a samu ba duk da haka, yaya za a yi da su a lissafi?

Ƙa'ida ta farko: kowane yaro yana nan a rukunin da ƙuri'a ta sa makarantarsa. Wanda ya bar makarantar jira ya koma ta abinci, a rukunin jira za a lissafa shi. Makarantar da mai girkinta ta yi wata biyu ba ta dafa ba saboda kuɗi bai fito ba, tana nan a rukunin abinci, sai a bayyana kwana nawa aka ci daga kwanakin karatu. Idan aka fara cire waɗanda ba su ci sosai ba, an koma zaɓe da hannu.

Kada a ɗauki awon farko a maimaita shi a gurbin na ƙarshe. Yaro girma yake yi, yin haka zai sa rukunin da ya fi asara ya zama kamar ya tsumbure. Cike gurbi da ƙiyasi daga bayanan farko yana da amfani, amma bisa sharaɗin cewa dalilin tafiyar yaro yana cikin abin da aka rubuta, kamar talauci, shekaru ko makin farko. Idan wata rashin lafiya da ta zo daga baya ce ta kore shi, ƙiyasin bai san da ita ba.

Shi ya sa ake ƙara lissafin iyaka, wanda masanin tattalin arziki David Lee ya bayyana a 2009. Rarar da rukunin abinci ya samu ita ce `(0.92 − 0.80) / 0.92`, kusan kashi 13, wato yara 144. A cire 144 mafi maki a sake lissafi, a samu iyakar ƙasa. A mayar da su, a cire 144 mafi ƙarancin maki, a samu iyakar sama. Idan ko iyakar ƙasa ta nuna amfani, sakamakon ya tsaya da ƙafarsa. Idan sifili ya faɗa tsakanin iyakokin, sai a faɗi haka. Dabarar tana ɗauka cewa abinci bai kori kowa daga bincike ba, riƙewa kawai yake yi, wanda a nan zato ne mai ma'ana.

Idan makaranta guda ta fita gaba ɗaya, a maye gurbinta da wata?

A'a. Wadda za a kawo ba ƙuri'a ta kawo ta ba, kuma mai zaɓenta ya san rukunin da za ta shiga. Idan ruwa ya ci makaranta ko aka rufe ta saboda tsaro, a bi yaranta inda suka koma gwargwadon abin da lafiyar ma'aikata ta ƙyale, a rubuta dalili da kwanan wata. Asarar makaranta ɗaya ta fi asarar yara 40 da suka warwatsu a makarantu da yawa ciwo, saboda lissafin da muka yi a sama. Idan kuma wani shirin ciyarwa, na gwamnati ko na wata ƙungiya, ya shigo makarantun jira a tsakiyar shekara, ba a hana yara abinci don bincike. A rubuta ranar da ya fara da makarantun da ya shafa, a bar su a rukuninsu.

Ina da rahoton irin wannan gwaji a hannu. Me zan fara dubawa?

Zanen kwararar mahalarta, wanda CONSORT, ƙa'idar rubuta rahoton gwaji, ta buƙata. A gwajin makarantu dole ya nuna abu biyu a kowane mataki: makarantu nawa, yara nawa, a kowane rukuni daban, tare da dalilin fitar kowa. Daga nan a nemi ranaku uku, ta kulle jerin yara, ta awon farko da ta ƙuri'a, a ga ko ƙuri'ar ce ta ƙarshe. A nemi jimlar da ta faɗi wanda ya samar da rabon da wanda ya shigar da makarantu, a tabbata ba mutum ɗaya ba ne. A duba ko zuwa makaranta daga rajista aka kwafo ko ƙirgar ba-zata aka yi. Sannan a buɗe shafin rajistar gwajin a gwada babban abin da aka ce za a auna da wanda rahoton ya sa a gaba: idan an yi alkawarin tsawo da jini amma aka fito da makin lissafi na 'yan mata 'yan aji biyu kaɗai, a tambayi ina sauran suka shiga.